Manhajar banki ta fitar da ni bayan sabuntawa, kuma lambar tabbatarwa ta ƙi zuwa

Alhaji Sabi'u (Farin Gada): Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu ilimin waya a cikinmu, domin tun jiya da la'asar nake cikin damuwa. Manhajar bankina ta nuna cewa ba za ta buɗe ba sai an sabunta ta, na miƙa wa yarona ya sabunta, to tun daga lokacin ta daina karɓar yatsana, ta koma tana neman kalmar sirri. Na lalubo kalmar a tsohon littafin da nake rubuta bashi, na saka, ta karɓa, sai kuma ta ce ta aiko mini da lamba ta saƙon tes. Na jira har aka kira magariba lambar ba ta zo ba. Na danna `Resend` ya fi sau goma, yanzu ma abin da take rubuta mini shi ne `Too many attempts. Try again later`. Ga mai motar da ya kawo mini buhu arba'in na dankalin turawa daga Bokkos yana jiran kuɗinsa, kuma mutum ne da ba mu taɓa saɓawa da shi ba. Mene ne abin yi?

Malam Nura (mai gyaran waya, Taminus): Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan matsala kusan kullum sai an kawo mini irinta shago, kuma mafi yawanci DND ne. Idan an taɓa kunna shi a layinka, yana tare saƙonnin kamfanoni. Ka rubuta `STATUS` ka aika zuwa 2442 ka ga matsayin layin, idan a kunne yake sai ka aika `ALLOW` zuwa wannan lambar. Bayan haka ka shiga `Settings`, ka nemo manhajar, ka danna `Clear data`, ka kashe wayar ka kunna. Da yardar Allah lambar za ta shigo.

Injiniya Maryam: Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Kafin ka taɓa komai, abu na farko shi ne ka ɗaga hannunka daga `Resend`. Wannan rubutu da ka gani yana nufin bankin ya ƙirga yawan lambobin da aka nema a ɗan lokaci, ya ga abin ya yi kama da na mai ƙoƙarin fasa asusu, sai ya dakatar da kai na wani lokaci. A wasu tsare-tsaren duk sabon gwaji yana ƙara tsawon dakatarwar, kuma galibi duk lambar da aka nema tana kashe wadda ta gabace ta, ta yadda ko da saƙonnin sun zo daga baya a jere, ta ƙarshe ce kaɗai za ta yi aiki.

Malam Nura, duba DND ba ya cutarwa, amma ina roƙon a jinkirta `Clear data` tukuna, zan faɗi dalili. Ina da tambayoyi biyu ga Alhaji. Ta farko, shin yaron ya danna `Update` ne kawai a Play Store, ko kuwa ya goge manhajar ya sauke sabuwa? Ta biyu, alat ɗin shigar kuɗi da fitarsu yana zuwa wayarka a kwanakin nan?

Alhaji Sabi'u: Na tambayi yaron yanzu. Ya ce wayar ta nuna babu wuri, hotuna da bidiyon WhatsApp sun cika ta, shi ya sa ya goge tsohuwar ya sauke sabuwa. Alat kuwa yana zuwa lafiya lau, ko da safen nan an turo mini naira dubu 85 kuma na ga saƙon.

Injiniya Maryam: To, wannan amsa ta warware rabin maganar. Akwai matsala biyu a nan, kuma ya kamata a raba su, domin ta farko ce ta tono ta biyu.

Ranar da ka fara shiga manhajar, shekarun baya, ka saka kalmar sirri da lambar da aka aiko maka, sai bankin ya ajiye wata shaida a cikin wayarka wadda ke nuna cewa wannan waya taka ce kuma an riga an tantance ta. Daga ranar, duk lokacin da ka ɗora yatsa, ba bankin ne ke duba yatsan ba. Wayar ce ke dubawa, idan ya dace sai ta buɗe wannan ajiyayyar shaida ta miƙa wa bankin. Shi ya sa mutum zai shekara biyu ko uku yana aika kuɗi ba tare da an sake tambayarsa kalmar sirri ba. Da yaron ya goge manhajar, shaidar ta tafi tare da ita. A idon bankin yanzu wayar da ke hannunka baƙuwa ce, dole ya sake tantance ka daga farko.

Ko da `Update` kawai aka danna, hakan na iya faruwa, domin wani lokaci masu manhajar suna canza yadda ake ajiye shaidar, ko su soke duk tsofaffin shaidu da gangan don ƙara tsaro. Haka nan idan mutum ya ƙara sabon yatsa a wayarsa ko ya cire makullin allo, Android kan iya lalata mabuɗin da manhajar ta ɗaure da yatsan. Kuma `Clear data` aikinsa ke nan daidai: yana share shaidar. Ga wanda manhajarsa ke buɗewa amma tana ɗan tangarɗa, `Clear cache` ne mara haɗari. `Clear data` kuwa zai jefa shi cikin halin da Alhaji yake ciki yanzu.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: ina lambar take tafiya? Tunda alat yana zuwa, layinka na karɓar saƙonnin kamfani, kuma wayar ba ta cika har ta daina karɓar tes ba. Wannan ya rage zargin DND sosai.

Malam Nura: Injiniya, da girmamawa, ni na ga wannan da idona. Wata mata daga Unguwar Rogo ta kawo mini wayarta, alat yana shigo mata amma lambar wata manhajar sayayya ba ta zuwa, muka aika `ALLOW`, washegari ta zo ta ce ta samu. Ba zan ce ba DND ba ne.

Injiniya Maryam: Gaskiyarka Malam Nura, abin da ka gani yana faruwa, kuma ga dalilinsa. Hukumar sadarwa ta NCC ta kawo tsarin 2442 a 2016 don tare saƙonnin talla ne. Kamfanonin da ke aika saƙo da yawa suna da hanya biyu: hanyar talla mai arha, wadda DND ke tarewa, da hanyar saƙonnin mu'amala mai ɗan tsada, wadda aka tanada don irin alat da lambobin tabbatarwa, kuma ita tana wuce DND. Ƙaramar manhajar da ta zaɓi hanyar arha don rage kashe kuɗi, lambarta za ta maƙale a layin da ke da DND. Wannan shi ne labarin matar da ka faɗa. Amma banki da alat ɗinsa ke isowa, da wuya a ce lambar tabbatarwarsa ta bi hanyar talla. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, na ce dai ba nan zan fara nema ba.

Kabiru: Baba Alhaji, ni a ganina sabuwar manhajar ce ba ta da kyau. Ina da tsohuwar a wayata, ban sabunta ba. Idan ka turo yaron Bauchi Road da yamma zan tura masa ta Xender, ka ci gaba da amfani da ita kamar da.

Malam Dauda (Bukuru): Kabiru, niyyarka mai kyau ce, amma kada a yi haka. Na yi shekara takwas a teburin sauraron koken abokan hulɗa a wani banki kafin na bar aikin, kuma na sha ganin abin da ke biyo bayan manhajar banki da aka karɓa daga wayar wani. Ba ka da tabbacin inda ta samo asali, kuma akwai na jabu da aka ƙera su yi kama da na gaske don su kwashe kalmar sirri. Ko da taka ta gaskiya ce, ba za ta dawo da shaidar da Injiniya ta ambata ba, domin shaidar ba ta cikin manhajar da ake turawa, a wayar Alhaji take kuma an riga an share ta. Sannan bankin da ya tilasta sabuntawa, ya riga ya rufe wa tsohuwar ƙofa daga ɓangarensa, kai ma da ka buɗe taka za ta nemi ka sabunta.

Alhaji, ga abin da nake so ka duba. A shafin da ake saka lambar, yawanci akwai wani ƙaramin rubutu a sama da ke nuna lambar wayar da aka aika wa saƙon, an rufe tsakiyarta da taurari, an bar biyu ko huɗu na ƙarshe. Idan dakatarwar ta ƙare ka gwada sau ɗaya tak, ka karanta wannan rubutu da kyau, ka faɗa mana lambobi biyu na ƙarshe kawai. Kada ka ɗora hoton allon a nan.

Hajiya Binta (malamar sakandare, Rikkos): Ku yi mini afuwa in shigo da tawa, tunda maganar ta zo. Ni lambar ba ta saƙon tes take zuwa mini ba. Ɗana ya saka mini wata manhaja da ke fitar da lambobi shida suna canzawa, da ita nake shiga imel ɗina na aiki. Mako biyu ke nan duk lambar da na kwafa sai a ce ba daidai ba ce, alhali ina kallonta ina rubutawa. Shin shi ma DND ɗin ne?

Injiniya Maryam: Hajiya, taki daban ce, kuma babu ruwanta da layi ko DND, domin babu wanda ke aiko miki da waɗannan lambobi. Wayarki ce ke lissafa su da kanta, ko babu data ko babu sim. Ranar da aka haɗa miki, an ba wa manhajar wani sirri wanda ita da kamfanin imel ɗin kaɗai suka sani, to kowane daƙiƙa 30 sai ta haɗa sirrin da lokacin da agogon wayarki ya nuna ta fitar da lamba shida. Can ma suna yin lissafi iri ɗaya da nasu agogon. Idan agogonki ya yi gaba ko baya da minti biyu kacal, ke kina ba da lambar wani lokaci, su suna jiran ta wani lokaci.

Ki shiga `Settings`, ki nemo `Date & time`, ki kunna `Set time automatically` da kuma na yankin lokaci. Najeriya tana kan GMT+1. Abin da ke yawan faruwa shi ne mutum ya saita agogo da hannu, ko yankin lokacin ya koma na wata ƙasa sai a gyara awar da hannu don ta yi daidai da agogon bango. A ido komai ya daidaita, amma a lissafin wayar an yi kuskuren awa guda cur. Kuma ina roƙonki, kada kowa ya goge wannan manhaja ko ya danna mata `Clear data`, domin idan ba a adana sirrin a wani wuri ba, shi ke nan ya tafi.

Hajiya Binta: Ikon Allah. Ni ce na tura agogon gaba da minti biyar tun farkon zangon karatu don kada in riƙa makara taron safe. Na mayar da shi yadda kika ce, na gwada, na shiga. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifa.

Alhaji Sabi'u: Malam Dauda, na jira har bayan azahar kamar yadda kuka ce, na gwada sau ɗaya. Rubutun ya nuna an aika zuwa lambar da ta ƙare da 47. Layin da ke wayata kuwa da 12 ya ƙare. Mai 47 tsohon layina ne, wanda na buɗe asusun da shi tun lokacin da aka fara rajistar BVN. An rufe shi a rikicin haɗa layi da NIN, domin da sunan ƙanena aka yi masa rajista, ni kuma na ga wahalar ta yi yawa na sayi sabo da sunana. Amma ai na je banki a lokacin na cike takarda, shi ya sa alat ke zuwa sabon layin. Ta yaya kuma za su aika lamba zuwa tsohon?

Malam Dauda: Abin da na yi zargi ke nan, kuma ba kai kaɗai ba ne. Lambar wayar mutum ba a wuri ɗaya take zaune a banki ba. Akwai wadda ke kan asusu, inda alat ke zuwa. Akwai wadda ke kan BVN, wanda aka fara a 2014 kuma rumbunsa ɗaya ne ga duk bankuna. A wasu bankunan kuma akwai wadda ke kan bayanan manhaja, wadda aka ɗauka ranar da aka fara yi maka rajistarta. Takardar da ka cike ta canza ta alat, sauran suka zauna yadda suke. Ba ka lura ba domin tun daga lokacin ba a sake neman tantance ka ba, yatsa kawai kake ɗorawa. Saboda haka sabuntawar ba ita ta kawo matsalar ba, matsalar tana nan kwance tun ranar da ka ajiye layin, jiya ce dai aka taka ta.

Za ka iya gwada ta BVN da kanka. Ka danna `*565*0#` daga sabon layin, akwai ɗan kuɗi kaɗan da ake cirewa. Idan ya nuna maka BVN ɗinka, alama ce cewa sabon layin ne a kai, gyaran ya rage a bayanan manhaja kawai. Idan bai nuna ba, to sai an gyara biyun. Ko ta wace hanya, wannan ba gyaran da ake yi ta waya ba ne. Ka je reshe da kanka da katin NIN ko takardarsa, da wayar a hannunka, ka ce musu a fili kana so a canza lambar da ke kan BVN da wadda ake aika wa lambar tabbatarwa, wato OTP, ba ta alat ba. Idan ka ce "canza lamba" kawai, ma'aikacin zai duba asusu ya ga sabon layi, ya ce maka komai daidai ne, ka dawo gida da matsalarka.

Malam Nura: Na karɓi gyara a kan wannan, ba DND ba ne. Amma Alhaji, me zai hana ka je ofishin kamfanin layin ka yi walkam-bak na tsohon? Sau da yawa ya fi layin banki sauri, kuma da ka saka sim ɗin lambar za ta shigo nan take.

Malam Dauda: Da layin da sunansa yake kuma bai daɗe a ajiye ba, da shawararka ce mafi sauri. Amma ya ce da sunan ƙanensa aka yi rajista, ke nan ƙanen ne za su saurara, da NIN ɗinsa. Bayan haka, layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na karɓe lambar ya sake sayar da ita ga wani. Alhaji, ka kira tsohuwar lambar daga wata waya ka ji abin da za a ce.

Alhaji Sabi'u: Na kira. Ta shiga, wani mutum ya ɗauka, da Turanci yake magana, ya ce wata huɗu ke nan da ya sayi layin. Ya kuma ce tun jiya saƙonni ke ta shigo masa daga wani banki bai san na mene ne ba. Gabana ya faɗi ƙwarai da na ji haka.

Kabiru: To ai an samu mafita ke nan, Baba Alhaji. Tunda mutumin ya amsa kuma da alama mai kirki ne, ka sake neman lambar, ka kira shi ya karanta maka, ka shiga ka biya mai dankali, daga baya ka je bankin a natse.

Injiniya Maryam: Kabiru, na fahimci abin da ya sa ka faɗi haka, kuma a zahiri zai iya yin aiki sau ɗaya, amma ina ba Alhaji shawara da babbar murya kada ya yi. A yanzu mutumin ya san cewa saƙonni na zuwa, bai san na wane ne ba, bai san darajarsu ba. Da zarar Alhaji ya ce masa "karanta mini", ya koya masa cewa layin da ke hannunsa mabuɗin asusun wani ɗan kasuwa ne. Ko shi mai amana ne, ba mu san wanda ke ɗaukar wayarsa ba, ba mu san wanda zai ba labari ba. Idan kuma BVN ɗin na kan wannan layi, lambar da Malam Dauda ya bayar ɗazu za ta iya nuna masa BVN ɗin, kuma a manhajoji da yawa `Forgot password` ma ta wannan layi take aika lambarta. Ka ga ke nan kalmar sirrin da ke littafin bashi ba za ta tsare komai ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Irin wannan kira, wato baƙo ya ce "an turo lamba wayarka bisa kuskure, taimaka ka karanta mini", shi ne ainihin salon da 'yan damfara ke ƙwace WhatsApp da asusun mutane da shi. Mutumin da ya san kansa zai ƙi, kuma yana da gaskiya idan ya ƙi.

Alhaji, a yau ɗin nan ka kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka, kada ka nemi lamba a Facebook ko ka amsa wa wanda zai biyo ka ta akwatin sirri ya ce shi ma'aikacin banki ne. Ka ce musu tsohon layinka ya koma hannun wani, a dakatar da shiga ta manhaja da ta USSD a kan wannan lamba har ka zo.

Malam Dauda: Na goyi bayan wannan gaba ɗaya. Batun mai mota kuwa, katinka yana aiki, domin shi da PIN yake tafiya ba da saƙon tes ba. Ka je wajen mai POS da ka sani a kasuwa ko ATM ka biya shi abin da iyakar yini ta bari, ko ka tura masa daga kantar banki idan ka shiga reshen. Ka dai tabbatar ka faɗa wa wanda ya amsa kiran cewa ba katin kake so a rufe ba.

Hajiya Binta: Injiniya, tunda irin tawa ba ta dogara da layi ba, me ya sa bankuna ba za su koma kanta ba kowa ya huta?

Injiniya Maryam: Hajiya, a wajen imel da Facebook da makamantansu, ni ina fifita ta a kan tes ba tare da shakka ba, domin ba ta jiran sabis kuma sayar da layi ko sace shi ba ya shafarta. Sharaɗin shi ne a ajiye lambobin ko-ta-kwana. A asusun Google, alal misali, akwai `Backup codes`, guda 10 masu lamba 8, kowace ana amfani da ita sau ɗaya, sai a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Wasu bankunan ma suna da abin da ya yi kama da ita, wato token, na ƙarfe ko na manhaja, sai dai sai ka nema.

Malam Dauda: A nan zan ɗan bambanta da ke, Injiniya. Ga irinku da kuka san kan abin, haka ne. Amma na zauna a wancan tebur na ga dattawa da 'yan kasuwa da ke canza waya duk shekara, a ba yaro tsohuwar, a goge komai. Wanda layinsa ya ɓace yana da ofishin da zai je da katin shaidarsa a dawo masa da shi. Wanda manhajar lambobinsa ta goge kuma bai ajiye komai ba, a kamfanin da ba shi da ofishi a Jos ko a Najeriya ma, wa zai kai wa kuka? Ni a ganina ga yawancin mutanenmu, layi ɗaya da sunansu, wanda ake saka masa kati a kai a kai ba a barin sa ya mutu, ya fi musu tsaro a aikace.

Injiniya Maryam: Ban musa wahalar da ka faɗa ba, Malam Dauda, na sha ganinta a cikin danginmu. Sai dai layin Alhaji ma yana da ofishi a garin nan, kuma ga shi a hannun wani. Ina ganin za mu ci gaba da bambanta a kan wannan.

Alhaji Sabi'u: Jama'a, ga yadda aka kwana. Jiya na kira bankin aka dakatar da manhajar, na biya mai mota rabi ta POS, ya yi haƙuri da sauran zuwa yau. Da safe na je reshe, na faɗa musu daidai yadda Malam Dauda ya koya mini. Matar da ta saurare ni ta fara cewa lambata daidai take, sai da na nuna mata 47 ɗin a allon wayata sannan ta buɗe wani shafi ta ga tsohon layin a kan BVN da kuma kan manhajar. Na cike takarda biyu, aka ɗauki hotona da yatsuna. Ta ce na manhajar zai canza yau, na BVN zai ɗauki ɗan lokaci kuma in riƙa gwada `*565*0#` har ya nuna. Bayan la'asar na nemi lamba sau ɗaya, ta shigo kafin in ajiye wayar, na canza kalmar sirri, na tura wa mai mota cikon kuɗinsa. Na duba bayanan asusun na wata huɗu tare da yarona, ba mu ga wata fita da ban sani ba, alhamdu lillahi. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Sai dai yarona ya tuna mini cewa WhatsApp ɗin da nake hulɗa da manoman Bokkos da Mangu har yanzu a kan 47 yake, kuma ina jin imel ɗin wayar ma da shi aka buɗe. Akwai kuma wani asusu a wani bankin da na daɗe ban taɓa ba.

Injiniya Maryam: Barka da arziki, Alhaji. Ka fara da WhatsApp a daren nan tun yana buɗe a wayarka, domin duk ranar da mai layin ya saka WhatsApp da wannan lamba, za a aika masa lambar tabbatarwa shi, kai kuma a fitar da kai. Ka shiga `Settings`, `Account`, `Change number`, ka saka tsohuwar da sabuwar, kowace da 234 a gidan ƙasa ba tare da sifirin farko ba. Lambar tabbatarwa sabon layin za ta zo, kuma rukunoninka da hirarrakinka za su biyo ka. Daga nan ka kunna `Two-step verification` ka saka PIN da imel. Na Google kuma yana ƙarƙashin `Security`, ka cire 47 daga lambar dawo da asusu da kuma ta tantancewa, wurare biyu ne. Kada yaron ya goge ko ya fita daga kowace manhaja don neman wuri kafin a gama wannan, idan wurin ne ya ƙare a rage bidiyo. Ɗaya bankin kuwa sai ka sake taka ƙafa, domin gyaran BVN ba lallai ne ya canza lambar da ke kan asusunsu ba.

Malam Nura: Alhaji, idan yaron ya rikice a wajen canza lambar ya biyo ta shago gobe kafin azahar mu yi tare, ya zo da wayar da sabon sim ɗin a cikinta, kai kuma ka kasance kusa da waya idan an nemi kalmar sirrin imel ɗin.